Me ya sa allurar kashe zafi ke ƙin kama haƙorin da ya kumbura?

Ƙorafi ne da aka saba ji daga bakin waɗanda suka je cirar haƙori: an yi allura, leɓe ya mutu har mutum ba ya jin miyau na zuba, amma da ƙarfe ya taɓa haƙorin sai zafi ya harba har tsakar ka. Wasu su ce maganin ya lalace, wasu su ce jininsu ne ya fi ƙarfin allura. Galibi ba haka ba ne. Matsalar tana cikin naman da ya kumbura, kuma ba za a gane ta ba sai an san yadda maganin ke aiki.

Zafi saƙo ne da jijiya ke kai wa ƙwaƙwalwa. A jikin bangon jijiyar akwai ƙananan ƙofofi da ke buɗewa su bar sinadarin sodiyom, wanda ake samu a cikin gishiri, ya kutsa ciki. Shigarsa ke tayar da ɗan lantarkin da zai buɗe ƙofofin da ke gaba, su ma su buɗe na gabansu, har saƙon ya isa. Maganin kashe zafi na wuri guda, wanda aka fi sani da anestezi a asibitocin Nijar, toshe waɗannan ƙofofi yake yi. Haƙori na nan yana aika ƙara, amma hanya ta yanke. Idan jiki ya kwashe maganin, ƙofofin su koma aiki kamar da.

Wanda aka fi amfani da shi shi ne lidokayin, da masanin haɗa sinadarai Nils Löfgren ya samar a ƙasar Suwidin a 1943. Yana fara tsayar da jin zafi, sannan jin sanyi da ɗumi. Jin dannawa shi ke zuwa ƙarshe, sau da yawa ma ba ya gushewa. Saboda haka jin ana girgiza haƙori ba alamar gazawar allura ba ce. Zafi mai kaifi kamar sukar tsinke shi ne alamar.

Inda gizo ke saƙar shi ne, lidokayin ba ya toshe ƙofar daga waje. Sai ya ratsa bangon jijiyar, wanda na kitse ne, sannan ya toshe ta daga ciki. A cikin jiki kuwa maganin na kasancewa kashi biyu: wani yana ɗauke da cajin lantarki, wani babu. Mara cajin ne kaɗai ke ratsa kitse cikin sauƙi. Da ya shiga sai ya ɗauki caji, a wannan siffar ce yake kama ƙofar da kyau. Abin da ke yanke yawan kowane kashi shi ne tsamin wurin, wanda ake aunawa da ma'aunin pH: idan lambar ta sauka, tsami ya ƙaru.

Lafiyayyen nama yana kan pH 7.4. A nan, kusan kashi 24 cikin 100 na lidokayin ne ke cikin siffar da ke iya ratsawa, kuma hakan ya isa. Naman da ƙwayoyin cuta suka mamaye har ya tara mugunya yana yin tsami. Idan ya sauka zuwa 6.4, abin da zai iya ratsawa bai wuce kashi 3 cikin 100 ba. Maki ɗaya kacal aka sauka, amma maganin da ke bakin ƙofa ya ragu kusan ninki takwas.

A ɗauki misalin matashi mai nauyin kilo 60 da turmin haƙorinsa na ƙasa ya ruɓe, dasashi ya kumbura kwana huɗu. Ƴar kwalbar da likitan haƙori ke sakawa a sirinji tana ɗauke da mililita 1.8 na lidokayin mai ƙarfin kashi 2 cikin 100, wato miligiram 36. A lafiyayyen nama, kusan miligiram 9 ne ke shirye su ratsa a kowane lokaci. A cikin kumburin, ɗaya da ɗoriya. Bayan haka, wurin da ya kumbura jini ya fi gudu a cikinsa, shi ya sa yake ja da ɗumi, kuma jinin na kwashe maganin tun bai zauna ba. Don rage wannan kwasar ne ake gauraya lidokayin da ɗan adirenalin, mai matse hanyoyin jini.

Likitan da ya san aikinsa ba zai soka allura cikin mugunyar ba, don ban da rashin amfani, tana iya tura cutar gaba. Zai je can ƙarshen muƙamuƙi ta cikin baki, inda babbar jijiyar da ke kula da haƙoran ƙasa na wannan gefen take shiga ƙashi, ya zuba maganin a lafiyayyen nama. Bayan ƴan mintoci rabin leɓen ƙasa zai mutu, yawanci har da gefen harshe. Dabarar ɗaya ce da ta ɗan karkare: a gindin yatsa ake yin allurar, ba a kan da ya kumbura ba.

Sai dai ko wannan allurar ta nesa tana gazawa a haƙori mai raɗaɗi fiye da yadda take gazawa a lafiyayye, alhali inda aka zuba ta babu tsami. Wannan ya nuna bayanin tsami, duk da shi aka fi yawan ji, ba shi ne duka labarin ba. Kumburi na sakin sinadarai da ke tunzura jijiya, ta koma abu kaɗan ke tayar da ita. Idan an daɗe a haka, jijiyar kan ƙara yawan wani nau'in ƙofofin sodiyom da lidokayin bai cika iya toshewa ba. Maganin da zai ishi jijiya mai kwanciyar hankali ba zai ishi wadda ta kwana huɗu a fusace ba. Shi ya sa mutuwar leɓe ba hujja ba ce cewa haƙori ya mutu. Gwada haƙorin kansa ake yi, da abu mai sanyi idan jijiyar cikinsa na da rai, kafin a ci gaba. Idan har yanzu yana ji, sai a ƙara wata allura a ɗan tsakanin saiwa da ƙashi, ko a cikin haƙorin bayan an buɗe shi.

Ƙarin kuma yana da iyaka. Lidokayin mai adirenalin ba a wuce miligiram 7 ga kowane kilo. Ga matashin nan miligiram 420 ke nan, kuma likitoci kan tsaya nesa da haka. Wanda babu adirenalin, iyakarsa kusan 4.5 ce ga kilo. Idan maganin ya yi yawa a jini, ƙofofin sodiyom na ƙwaƙwalwa da na zuciya zai taɓa. Alamun farko su ne ɗanɗanon ƙarfe a baki, ƙara a kunne da jiri, daga nan sai jijjiga. Wanda ya ji haka ya faɗa nan take.

Wani lokaci likita kan ɗan tsaga kumburin mugunya ta fita, ya rubuta magani, ya ce a dawo. Ba kora ba ce. Amma ƙwayoyin kashe ƙwayar cuta ba sa cire tushen ciwon, wanda ke cikin haƙorin. Wanda ya ga kumburi ya saɓe ya ƙi komawa, ciwon zai dawo masa. Idan kuwa kumburin ya gangara ƙarƙashin haɓa, baki ya ƙi buɗuwa, haɗiya ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi ya rufe mutum, ba a jiran ranar da aka sa. Asibiti ake nufa a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne.