Wasiƙar Tela Zuwa Ga Masu Makarantu: Samfuri da Ranar Alkawari

Tela mai neman ɗinkin kayan makaranta a sari yakan tura wa masu makarantun kuɗi saƙon imel tun kafin a tafi dogon hutu, wajen watan Yuni, domin a Najeriya sabuwar shekarar karatu a watan Satumba take farawa. Mai makaranta kuwa abu biyu yake dubawa a saƙon: yadin zai yi ƙarko, kuma kayan za su iso kafin yara su dawo?

Saƙon yakan fara da sallama da girmamawa, kamar "Ranka ya daɗe" ko "Hajiya, barka da aiki". Daga nan telan ya faɗi inda shagonsa yake, yawan kekunansa, da abin da yake ɗinkawa: riga, wando, hijabi da bajo. Kowane farashi a rubuta shi daban, tare da ranar da zai daina aiki, saboda kuɗin yadi a Kantin Kwari ba ya zama wuri guda.

Hoto ba ya maye gurbin samfuri, domin waya kan sauya launi, kuma ba a jin kaurin yadi a hoto. Saboda haka saƙon ya ambaci ranar da telan zai kawo samfuri da hannunsa. A ɗinka biyu iri ɗaya, makaranta ta riƙe guda, tela ya riƙe guda. Mai makaranta ya wanke nasa ya shanya a rana. Idan ruwan wankin ya rine, yadin yana zuba. Idan wandon ya ɗage, yana tsukewa. A kuma ja ɗinkin hammata da na tsakanin ƙafafu, don nan kayan yara suke fara ɓarkewa. In an amince, a sayi yadin gaba ɗaya, domin bandir biyu masu suna ɗaya kan bambanta a launi.

Ranar kawo kaya lissafa ta ake yi. A ɗauka makaranta tana da ɗalibai 200, telan kuma yana da ma'aikata huɗu, kowanne yana gama riga da wando biyar a rana. Wato 20 kullum, kwana 10 ke nan. A ƙara kwana uku na sayen yadi da yanka, biyu na maɓalli da guga, sai mako guda saboda ɗaukewar wuta ko rashin lafiyar ma'aikaci. Alkawarin gaskiya ya kama mako huɗu. Idan lokacin ya haɗu da ɗinkin Sallah, a ƙara.

Saƙon ya fayyace cewa ƙirgen zai fara daga ranar da aka biya kuɗin kafin alƙalami aka kuma miƙa awon yara, ba daga ranar da aka yi magana ba. Ya kuma faɗi wanda zai biya kuɗin mota, da kwanakin da aka ware don gyara kayan da ba su yi wa yaro daidai ba.