"Duba wannan": amsar da akawu zai ba manaja

Manaja ya turo wa akawu imel ɗauke da fayil mai shafi 80, bai rubuta komai ba sai "Duba wannan." Shin karantawa kawai ake so, ko taƙaitawa, ko a buga a ajiye? Akawu da yawa kan amsa da "To, Yallaɓai" su yi shiru, wasu kuma su tambaya, "Me zan yi da shi?" Amsar farko ta bar aikin a duhu, ta biyu kuma ta mayar wa manaja da nauyin da ya so a rage masa.

Kafin a rubuta komai, a fara tabbatar da adireshin da saƙon ya fito, domin 'yan damfara ma da irin wannan gajeren saƙo suke lallaɓowa. Sannan a ga ko fayil ɗin yana buɗewa. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 25, sai ya mayar da shi mahaɗin Google Drive, kuma sau da yawa akan manta a ba mai karɓa izinin shiga. In haka ta faru, a faɗa nan take.

Inda amsar ta fi ɓuya shi ne ƙasan saƙon. Tunda turowa aka yi, wasiƙar wanda ya fara aikowa tana nan a ƙasa, da kwanan wata da abin da ya nema. A ce hedikwata ce ta aiko da rahoton kayan sito, tana son kowane reshe ya tabbatar da alƙalumansa kafin Alhamis. To, akawu ya gano bakin zaren, sai ya rubuta:

"Ranka ya daɗe, barka da aiki. Saƙo ya iso, fayil kuma ya buɗe. Na ga hedikwata na jiran amsa kafin Alhamis, kuma abin da ya shafi reshenmu yana shafi na 31 zuwa 38. Zan gwada alƙaluman da littafin sitonmu, in kawo maka taƙaitawa mai shafi ɗaya gobe da ƙarfe 12. Haka ya yi, ko akwai wani ɓangare da kake so in fara da shi?"

Abin da ya sa nake son wannan amsa shi ne manaja zai iya rufe magana da "Ya yi" ko daga cikin mota. In kuma akawu ya fahimta a karkace, za a gyara masa tun bai ɓata yini ba. Tambayar guda ɗaya ce, ba ta kuma nuna wa babba cewa saƙonsa ya gaza.

In manaja ya saka hedikwata cikin masu karɓar saƙon, a kula kada a danna "Reply all", kada tambayar cikin gida ta faɗa hannunta. In an kai la'asar ba amsa, akawu ya ci gaba da abin da ya ce zai yi, ya leƙa ofishin manaja da safe ya tuna masa da baki.