Musayar duti a ɗakin haihuwa: wa za ta tsaya a madadin wa?

A yawancin asibitocinmu ana raba aikin nas-nas kashi uku: na safe, na yamma, da na dare, wanda ya fi tsawo, domin a wurare da dama yakan kama daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe. Shugabar ɗaki ce ke tsara rosta, amma biki da suna da jinyar yaro ba sa duba rosta. Shi ya sa kullum ake jin, "Sista, don Allah ki riƙe min daren Asabar, zan biya ki da Talata."

A ce mutum uku ne a daren Asabar: ungozoma mai shekara goma tana aiki, nas da ta fito makaranta bara, da mataimakiya ɗaya. Ungozomar ta yi musaya da wata sabuwar nas. A takarda komai daidai, uku ne dai. To amma idan aka kawo mai jijjiga da tsakar dare, ko jini ya ɓalle wa mai jego, wa zai yanke shawarar allurar da za a yi kafin likita ya iso? Wa zai gane mahaifa ce ta ƙi tsukewa, ya fara murza ciki nan take? An cika lissafi, amma ɗakin ba shi da jagora. Ranar Talata kuwa manya biyu sun haɗu a duti ɗaya, inda ɗaya ma ta isa.

Saboda haka shugaba ta gari kwanaki biyun take dubawa tare, ta tabbatar kowanne yana da ƙwararriya aƙalla ɗaya. Ungozoma ta yi musaya da ungozoma. In babu, a sa ta uku: wata babba ta karɓi Asabar, ƙaramar ta rufe gurbin da ita ta bari.

Sai batun hutu, wanda masu musayar kansu kan manta. Wadda ta tashi aikin dare ƙarfe 8 na safe, idan ta karɓi na yamma mai farawa ƙarfe 2, awa shida ke nan tsakani, har da hanya da girki. Irin wannan gajiyar ce ke sa a yi kuskuren awon magani. Wannan musayar a ƙi ta, ko da su biyun sun yarda.

Alkawarin baka ko na waya bai isa ba. A rubuta sunaye da ranaku, su biyun su sa hannu, shugaba ta sa, a gyara rosta. Kafin nan, dutin yana wuyan wadda sunanta ke jiki, in ba a zo ba ita za a tambaya.

Ni dai ban ga amfanin hana musaya gaba ɗaya ba. Inda aka hana, a ɓoye ake yi, sai shugaba ta kira da dare tana neman ungozomarta, ta ji muryar wadda ba ta taɓa karɓar haihuwa ita kaɗai ba.