Kuɗin Suna: Ƙarin da Ake Biya Idan an Sayi Kamfani

A shekarar 2015 kamfanonin abinci biyu na Amurka, Kraft da Heinz, suka haɗe, aka rubuta biliyoyin daloli a littafin asusu a matsayin kuɗin suna.

Mene ne shi? A ce kamfani ya sayi wani a kan naira miliyan 500. Akantoci suka yi wa gine-gine, injina da haja kuɗi a farashin yau, suka cire basussuka, ya rage miliyan 380. Ragowar miliyan 120 ɗin nan ita ce kuɗin suna: ladan amanar masu saye, ƙwarewar ma'aikata da ribar da ake hange. Abin mamaki, kamfanin da ya gina sunansa da guminsa ba ya da ikon rubuta shi a littafi, sai an saye shi tukuna.

To amma suna ba gini ba ne da za a je a duba ko ya tsage. Shi ya sa ƙa'idar akanta ta duniya ta wajabta gwaji aƙalla sau ɗaya a shekara. Ana kwatanta darajar sashen da aka saya, yadda take a littafi, da abin da zai iya samarwa ko a sayar da shi. Idan littafi ya ce miliyan 500 amma lissafi ya tsaya a 450, sai a zabge miliyan 50 a rubuta asara, kuma ba a mayar da ita ko kasuwa ta gyaru. Raunin gwajin dai shi ne shugabannin da suka yi cinikin su ne ke hasashen ribar.

A Fabrairun 2019, Kraft Heinz ya zabge dala biliyan 15.4 daga kuɗin suna da darajar tambura irin su Kraft da Oscar Mayer. Washegari hannun jarinsa ya faɗi da sama da kashi 25 cikin ɗari.