Dabbobi 12 a Minti Ɗaya: Yadda Likita Ke Karanta Makin Gwajin Ƙwaƙwalwa

A ƙaddara wani dattijo ɗan shekara 68, tsohon malamin firamare, 'yarsa ta kai shi asibiti don ya fara maimaita tambaya ɗaya sau uku a zama guda. Likita ta ajiye agogo a kan tebur ta ce, "Baba, ku lissafo mini sunayen dabbobi, duk waɗanda kuka tuna, har sai na ce ya isa." Ya fara da karsashi: akuya, tunkiya, saniya, raƙumi, jaki. Da ya kai kura sai ya yi jim, ya sake cewa akuya. Minti ɗaya ya cika yana da 12, ban da maimaicin.

'Yar ta matsa ta tambaya, "Likita, ya ci ko ya faɗi?" Tambayar ba ta da amsa tukuna. 12 ɗanyen maki ne, kuma ba ya faɗin komai sai an san abin da masu lafiya tsararrakin Baba suke samu. Don haka masu tsara gwaji kan fara gwada mutane da yawa masu lafiya, su kasa su bisa shekaru, wani lokaci har da zurfin karatu, su fitar da lambobi biyu ga kowane rukuni. Na farko matsakaicin maki. Na biyu tazarar da mutane suka saba yi da matsakaicin nan, sama ko ƙasa, wadda ake rubutawa SD a takardar sakamako.

Tazarar nan ita ce mudun awo. Bari mu ce, a misali kawai, matsakaicin tsararrakin Baba masu karatu irin nasa 18 ne, tazarar kuma 4. Lissafin ba ya wuce layi ɗaya:

z = (12 − 18) ÷ 4 = −1.5

Wato Baba ya gaza matsakaici da mudu ɗaya da rabi. Wannan shi ne makin z. Sifili na nufin mutum yana tsakiya daidai, alamar ragi na nufin yana ƙasa. Amfaninsa shi ne yana mayar da gwaje-gwaje mabambanta kan mudu ɗaya, ta yadda za a iya jera ƙirgen dabbobi da tuna kalmomi goma a ga inda rauni ya fi yawa. Sai dai akwai tarko. A gwajin da ake auna lokaci, kamar haɗa lambobi da layin biro, wanda ya ɗauki daƙiƙoƙi masu yawa shi ne ya fi jinkiri, saboda haka dole a juya alamar. Mai lissafin da ya manta sai ya mayar da mai rauni gwani.

Mutane ba sa son ragi da ɗigo, shi ya sa ake sauya wa z riga. Ma'aunan David Wechsler, wanda ya fitar da gwajinsa na farko a 1939 yana aiki a asibitin Bellevue da ke New York, sun sa matsakaici a 100, tazara 15. A kansu makin Baba zai zama 100 a cire 22.5, kusan 78. Makin T yana da tsakiya 50 da tazara 10, a nan Baba na da 35. Lambobi uku ke nan, −1.5 da 78 da 35, kuma duk magana ɗaya suke yi. Wanda ya ga 35 kusa da 78 a takarda ya zaci an faɗi ɗaya an ci ɗaya, bai duba mudun da aka yi awo da shi ba.

Rigar da ta fi saukin ganewa, kuma aka fi yi wa mummunar fahimta, ita ce matsayi cikin ɗari. A jera mutum 100 masu lafiya irin Baba a sahu, daga mafi ƙarancin maki zuwa mafi yawa. Mai z na −1.5 yana tsaye wajen na 7, mutum 93 suna gabansa. Ba kashi 7 cikin ɗari na tambayoyi ya amsa ba. Mun taso da jarrabawar makaranta inda 50 ke nufin da ƙyar aka sha, to a nan na 50 shi ne mutumin tsakiya, lafiyarsa lau.

Sahun nan kuma ba a baje yake daidai ba. Jama'a sun cunkushe a tsakiya kamar bakin kasuwa, gefe-gefe kuwa fili ne. Kusan 68 cikin ɗari suna tsakanin 85 da 115, kusan 95 cikin ɗari tsakanin 70 da 130. Saboda cunkoson, tashi daga 100 zuwa 115 na ɗauke mutum daga na 50 zuwa na 84, amma maki 15 ɗin nan daga 70 zuwa 85 daga na 2 ne kawai zuwa na 16. Sauka daga na 55 zuwa na 45 ba abin ɗaga hankali ba ne, bai kai maki huɗu ba. Sauka daga na 16 zuwa na 2 mudu guda ne cur. Wannan hoton yana aiki ne idan makin ya rarrabu daidai hagu da dama. A gwaji mai sauƙi da kusan kowa ke cinyewa, kuskure biyu kacal kan haifar da z mai ban tsoro, kuma gara a karanta matsayin kai tsaye daga jadawali.

Yanzu a canza sahun. A ce an auna Baba da tsararrakinsa da ba su yi boko ba, masu matsakaici 13 a misalinmu, tazara 4. Sai z ya koma −0.25, matsayinsa wajen na 40, a sallame shi a ce ba komai. Dabbobinsa 12 ba su ƙaru ba. A ganina nan ne aikin yake, lissafin kuwa ɗan aji shida ma zai yi shi. Yawancin sanannun gwaje-gwajen an daidaita su ne a Amurka da Turai, a kan masu amsawa da harshensu na gado. Fassara tambayoyin zuwa Hausa ba ta fassara jadawalin. Malamin tsangaya da ya haddace izu sittin na iya faɗawa na 2 a gwajin da ke buƙatar jeren baƙaƙen boko, alhali ƙwaƙwalwarsa garau. Masu binciken ciwon mantuwa da suka fara kwatanta dattawan Ibadan da na Indianapolis a 1992 sun yi amfani da gwajin da aka tsara don al'ummomi masu bambancin al'ada da karatu, wanda ke haɗa makin mutum da bayanin wani na kusa da shi.

Ko da sahun ya dace, maki ɗaya ba hukunci ba ne. Masana da yawa kan fara sa ido daga −1 zuwa −1.5, amma mutum 7 cikin 100 masu lafiya ma a can ƙasan −1.5 suke, kuma idan aka yi wa lafiyayye gwaji goma sha biyar, ba mamaki ya zame a ɗaya. Rashin barci, raunin ji, baƙin ciki da wasu magunguna duk suna rage maki. Ga tsohon malamin da ya shekara talatin yana riƙe alli, likita za ta duba ko tuna kalmomi ma ya sauka, ta tambayi 'yar ko har yanzu shi ke lissafin kuɗin cefane, sannan ta rubuta ranar da zai dawo bayan wata shida ko shekara a sake ajiye agogon, a wannan karon a auna shi da 12 ɗinsa.