Kada a sayar da wake duka a bar hatsi kaɗai a rumbu

A gonakin Adar, hatsi da wake tare ake shuka su. Amma da kaka ta yi, magidanta da yawa sukan kai waken kasuwar Tawa ko su sayar wa masu saye zuwa Ƙonni, a bar iyali da hatsi zalla. Ciki zai cika, sai dai akwai abin da jiki zai rasa.

Furotin, sinadarin da ke gina tsoka da jini, haɗi ne na ƙananan sinadarai 20 da ake kira amino asid. Guda 9 daga cikinsu jiki ba ya iya ƙera su, dole sai daga abinci. Idan ɗaya ya gaza, aiki ya tsaya, kamar magini ne da ke da tubali tuli amma laka ta ƙare. Ragowar amino asid ɗin sai jiki ya ƙone ta don samun ƙarfi kawai.

Hatsi da dawa suna da ƙarancin amino asid ɗin da ake kira lisin, amma hatsi na da wani mai suna metiyonin daidai gwargwado. Wake kuwa ya wadata da lisin, metiyonin ne ya yi masa kaɗan. Idan aka haɗa su, kowane ya toshe giɓin ɗan'uwansa.

Ga lissafin. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2007, ta ce babban mutum na buƙatar lisin giram 4.5 a cikin kowane giram 100 na furotin. Na hatsi bai wuce wajen giram 3 ba, na wake kuwa ya haura 6. A ɗauki hatsi giram 300 da wake giram 100: furotinsu ya kai kusan giram 56, lisin kuma kusan giram 2.5. Wannan ya cika ma'aunin. Wato tiya 3 ta hatsi, tiya 1 ta wake. Yara masu girma sun fi manya buƙatar lisin, don haka a ƙara musu wake.

Ba dole ba ne a haɗa su a tukunya ɗaya, cin su a yini guda ya isa: koko da ƙosai da safe, tuwo da miyar wake da dare. Nonon da ake dama fura da shi ma yana cike wannan giɓi, shi ya sa aka fi buƙatar wake da bazara, lokacin da nono ya yi wuya a arewacin Adar, ana shan farau-farau.

A jiƙa wake, a cire ɓawon, a dafa shi ya yi lugub don rage kumburin ciki. Haɗin hatsi da wake ba ya ba da bitamin B12, sai an samu nono, ƙwai ko nama. Yaron da ƙafafunsa suka kumbura kuwa, gyaran abinci a gida bai isa ba, a kai shi asibiti nan take.