Takardar Shaidar 'Yan Sanda: Yadda Ake Samunta Daga Gida da Lokacin da Take Tashi Aiki

Wanda ya nemi izinin zama ko aiki a Kanada, Amurka ko Birtaniya, ana iya tambayarsa takardar shaidar 'yan sanda ba. Abin da take tabbatarwa kaɗan ne: an duba kundin masu laifi na ƙasa, kuma har zuwa ranar da aka sa mata hannu ba a ga sunan mai ita ba. Ba ta san abin da ya faru washegari ba, shi ya sa ranar fitowarta ta fi komai jawo rigima.

A Najeriya babban ofishin rajistar masu laifi da ke Alagbon a Ikoyi, Legas, shi ne tushen takardar. A da sai mutum ya je da ƙafarsa ko ya tura wani, a dangwala yatsu da tawada. Yanzu ana farawa ne a shafin possap.gov.ng, inda za a zaɓi Police Character Certificate. Mai nema zai yi rajista da lambar NIN ko BVN, ya ɗora hotonsa da shafin fasfo mai ɗauke da bayanansa, ya faɗi ƙasar da za a kai takardar, sannan ya biya kuɗin ta lambar biyan da shafin ya fitar masa. Daga nan sai ɗaukar hoton yatsu. Wanda ke zaune a waje yana da nasa sashen a shafin, kuma za a nemi shaidar cewa da gaske a can yake.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne suna. In fasfo ya ce Muhammad, rajistar NIN ta ce Mohammed, ko sunan mahaifi ya riga na yanka a ɗaya ya biyo baya a ɗayar, gara a gyara tun kafin a biya ko sisi. Masu cewa "kawo kuɗi gobe ka karɓa, ba sai ka ba da yatsu ba" kuwa, takardar da ba a binciki kowa a kanta ba suke sayarwa, kuma in aka gano ta bogi ce a Kanada, hukuncin na iya kai haramcin shiga na shekara 5.

Takardar Najeriya wata 3 aka yanka mata. Haka ma a Nijar, inda ake karɓarta daga kotun yankin da aka haifi mutum. Sai dai kowace ƙasa mai karɓa tana da nata lissafin, kuma nata ne ke aiki. Ostareliya na ɗaukar takarda har wata 12 daga ranar fitowa. Amurka na ba masu neman bizar zama shekara 2.

A ɗauki misalin wata ma'aikaciyar jinya 'yar Kano da ta koma Saudiyya aiki a 2021, yanzu tana neman zama a Kanada. Takarda biyu za ta kawo, domin Kanada na so daga duk ƙasar da mutum ya yi wata 6 a jere cikin shekara 10 da suka wuce, muddin ya kai shekara 18 a lokacin. Ta Saudiyya, inda take zaune, kada ta wuce wata 6 da fitowa a ranar miƙa takardu. Ta Najeriya sharaɗinta daban ne: a fitar da ita bayan zamanta na ƙarshe na wata 6 a gida. In ta karɓa a 2023, ko da wata ukun sun shuɗe, za ta shiga, kuma zuwa hutun sallah na sati uku bai ɓata ta ba. Amma da a 2020 ta karɓa tana shirin tafiya, ta tashi aiki, saboda ta ci gaba da zama a Kano bayan fitowarta. Haka in ta dawo ta yi wata bakwai tana jinyar mahaifiya, sai sabuwa.

Lokaci ma yana da nasa tarkon. A tsarin Express Entry kwana 60 kacal ake bai wa wanda aka gayyata ya kammala komai, saboda haka ta gida, wadda ta fi wuyar bibiya daga nesa, ita ya kamata ta fara nema tun gayyata ba ta iso ba. Wasu ƙasashen kuma ba sa karɓa sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga hatiminta, ofishin jakadancinsu ya ƙara nasa, kuma kwanakin wannan zirga-zirga duk daga cikin wata ukun nan ake cire su.